Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Hutun Haihuwa Tare da Tsayar da Ranar Komawa Aiki

Takardar neman hutun haihuwa gajeruwa ce, da wuya ta cika shafi guda. Abin da shugaba da sashen kula da ma'aikata ke nema a cikinta ranaku uku ne: ranar da likita ke sa ran za ki haihu, ranar da za ki fara hutu, da ranar da za ki koma bakin aiki. Da waɗannan ranaku ake lissafin albashinki, da su ake shirya wanda zai riƙe aikinki, kuma su za a duba idan saɓani ya taso daga baya. Saboda haka yawancin aikin yana gaban rubutun, wato a wajen lissafi. Idan lissafin ya fita daidai, rubuta takardar ba zai ɗauke ki rabin awa ba.

Mataki na farko: ki san makonni nawa ne haƙƙinki

Kada ki dogara da abin da abokiyar aiki ta ce an ba ta shekarun baya. Ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata, ki nemi inda aka yi maganar hutun haihuwa, ki fitar da amsar tambayoyi huɗu. Makonni nawa ake bayarwa? Da cikakken albashi ne, ko da wani kaso, ko babu biya? Tun yaushe ake so a sanar kafin a tafi? Wace takarda ake so a haɗa?

Tsawon hutun ya bambanta sosai daga ƙasa zuwa ƙasa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183, ta shekarar 2000, ta tsayar da mako 14 a matsayin mafi ƙaranci, shida daga ciki dole ne su zo bayan haihuwa, kuma kuɗin da za a biya mace kada ya gaza kashi biyu bisa uku na abin da take samu. Sai dai yarjejeniyar tana hawa kan ƙasashen da suka amince da ita ne kawai, dokar ƙasarki ce ke aiki a kanki. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aikin. A Amurka dokar tarayya ta 1993 ta ba ma'aikatan da suka cika sharuɗɗa mako 12 ba tare da biya ba, kuma tana son sanarwar kwana 30 idan an san da zuwan hutun. A Birtaniya hutun kan kai mako 52, kuma ana sanarwa aƙalla mako 15 kafin makon da ake sa ran haihuwa. Ma'aikata tana iya ba da fiye da abin da doka ta ce, amma ba ta da ikon ba da ƙasa da shi. Idan ƙa'idar ofishinku da dokar ƙasa suka saɓa, wadda ta fi ba ki ita za ki riƙe.

Ki kwafe lambar sashen da ya yi maganar hutun. Za ki ambace shi a takardarki, domin wanda aka nuna masa ƙa'idar gidansa ba ya samun bakin jan magana.

Mataki na biyu: takardar likita

A wajen awo, ki roƙi likita ko ungozoma su rubuta miki shaidar cewa kina da juna biyu, da ranar da ake sa ran haihuwa. Ki duba kafin ki bar asibitin: sunanki ya yi daidai da wanda ke fayil ɗinki na ofis, akwai sa hannu, akwai hatimi, akwai kwanan wata. Ba a buƙatar sakamakon gwajin jini ko hoton ciki, kuma bai kamata ki miƙa su ba. Lafiyarki sirrinki ce, ofis ranar kawai yake bukata. Wasu wuraren ba sa karɓar shaidar da aka rubuta da wuri ƙwarai, suna son wadda aka bayar bayan cikin ya yi nisa, don haka ki tambaya kafin ki sha wahalar komawa asibiti sau biyu.

Mataki na uku: lissafin ranakun

Nan ne ake yawan tuntuɓe, shi ya sa zan daɗe a kai.

Ranar da likita ya rubuta ƙiyasi ce. Ana ƙirga mako 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wani lokaci a gyara da hoton ciki. Jarirai kaɗan ne ke zuwa a ainihin wannan rana. Haihuwa tsakanin mako na 37 da na 42 ba abin mamaki ba ce, ma'ana jariri na iya riga ranar da mako uku ko ya wuce ta da mako biyu. Duk ranar komawar da za ki rubuta, a kan wannan ƙiyasi take tsaye, don haka dole ki bar wa kanki sarari.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wata ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wani kamfani, tana aiki Litinin zuwa Juma'a. Likita ya rubuta mata Laraba, 10 ga Yuni, 2026. Ƙa'idar kamfanin ta ba da mako 14, ta kuma ce a sanar mako takwas kafin tafiya.

Abu na farko da za ta yanke shi ne yadda za ta raba makonnin tsakanin kafin haihuwa da bayanta. Duk makon da ta ci kafin haihuwa, ta rage shi ne daga zamanta da jariri. Ta yi shawara da likitanta, aikinta na zaune ne kuma cikin lafiya lau yake, sai ta zaɓi ta tafi kimanin mako huɗu kafin ranar. Hutun zai fara Litinin, 11 ga Mayu. Ranarta ta ƙarshe a ofis kuwa Juma'a ce, 8 ga Mayu. Waɗannan ranaku biyu daban suke, kuma ya kamata duka su fito a takarda, domin idan aka rubuta "zan tafi 8 ga Mayu" kawai, mai lissafi na iya fara ƙirga hutun daga ranar, ta yi asarar kwana uku.

Mako 14 kwana 98 ne, har da Asabar da Lahadi, domin hutun da aka bayar da makonni ana ƙirga shi ne a jere bisa kalanda. Ta buɗe kalanda, ta sa yatsa a kan Litinin 11 ga Mayu, ta riƙa sauka Litinin bayan Litinin har sau 14. Yatsan ya tsaya a kan 17 ga Agusta. Hutun ya ƙare ke nan ranar Lahadi, 16 ga Agusta, kuma za ta koma Litinin, 17 ga Agusta. Fara hutu ranar Litinin yana sauƙaƙa wannan ƙirgen ƙwarai, shi ya sa nake ba da shawararsa ga duk wadda ke da zaɓi.

Ki guji lissafi da watanni idan da makonni aka ba ki hutun. Mutane kan ce mako 12 wata uku ne, alhali mako 12 kwana 84 ne, wata uku kuwa kan kai kwana 89 zuwa 92. Wadda ta fara 11 ga Mayu da hutun mako 12 za ta koma 3 ga Agusta. Idan ta ɗauka wata uku ne ta zauna har 11 ga Agusta, a littafin ofis ta yi fashin fiye da mako guda ba da izini ba, kuma ana iya yanke mata albashinsa.

Sai gwaji na biyu, wanda mata da yawa ba sa yi: idan haihuwar ta yi jinkiri fa? Ma'aikaciyarmu ta gwada. Ko da jaririn ya ƙara mako biyu, ya zo 24 ga Yuni, tana da kusan mako takwas kafin 17 ga Agusta. Lissafinta ya tsira. Amma ki dubi wata mai hutun mako 12 da ta raba shi biyu daidai, ta tafi 29 ga Afrilu da niyyar komawa 22 ga Yuli. Idan haihuwarta ta yi jinkirin kwana goma kacal, ta zo 20 ga Yuni, mako shida na bayan haihuwa ba zai cika ba sai 1 ga Agusta. Ranar da ta rubuta ta rushe. A inda doka ta hana mace aiki cikin mako shidan farko, ba ta da damar komawa 22 ga Yuli ko da tana so. Yarjejeniyar da na ambata ta ce jinkirin haihuwa ana ƙara shi ne a kan hutun kafin haihuwa, ba a cire shi daga na dole da ke bayanta. Ko kwanakin da suka ƙaru za a biya su, wannan sai ƙa'idar wurin aikinki ta faɗa, kuma gara ki tambaya tun yanzu.

Idan kina da ragowar hutun shekara kuma kina so ki haɗa, ki lura cewa shi galibi da ranakun aiki ake ƙirga shi. Ma'aikaciyarmu tana da kwana goma. Kwana goma na aiki daga 17 ga Agusta zai kai ta Juma'a, 28 ga Agusta, ta koma Litinin, 31 ga Agusta. A takarda ta raba su, kowane hutu da ranakunsa, saboda biyansu na iya bambanta, kuma ana iya amincewa da ɗaya a hana ɗaya. Na haihuwa haƙƙi ne da lokacinsa ba ya ɗaguwa, na shekara kuwa shugaba na da ta cewa a kan lokacin da za a ɗauke shi. Wasu ma'aikatun ma suna ɗaukar cewa hutun haihuwa ya cinye na shekarar, to a nan babu abin haɗawa.

Mataki na huɗu: ki yi magana da baki kafin takarda

Ki sami shugabanki na kusa ki gaya masa, ki nuna masa ranakun, ki ji ko akwai wani aiki da yake so a kammala kafin ki tafi. Ba dole ba ne a doka, amma shugaban da ya fara jin labari daga sashen ma'aikata yakan ji an tsallake shi. Wasu matan kan ji nauyin buɗe maganar sai su yi ta ɗagawa har ciki ya tsufa. Ki tuna wa'adin sanarwa ba ya jira. Maganar baki kuma, komai daɗinta, ba ta zama shaida. "Babu damuwa, ki tafi kawai" ba zai amfane ki ba ranar da aka sauya shugaban kina gida.

Mataki na biyar: rubutun kansa

Ga takardar ma'aikaciyarmu. Ta rubuta ta mako 12 kafin tafiya, cikin yana kusan mako 24, ta wuce wa'adin mako takwas da sarari mai kyau.

[Cikakken suna]
[Muƙami, sashe da lambar ma'aikaci]
16 ga Fabrairu, 2026

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata,
Ta hannun Shugaban Sashen Kuɗi.

Ranka ya daɗe,

NEMAN HUTUN HAIHUWA DAGA 11 GA MAYU ZUWA 16 GA AGUSTA, 2026

Ina sanar da kai cewa ina da juna biyu, kuma likita yana sa ran zan haihu ranar 10 ga Yuni, 2026. Na haɗa shaidar likita da wannan takarda.

Bisa sashe na [lamba] na ƙa'idojin ma'aikata, ina neman hutun haihuwa na mako 14. Ranata ta ƙarshe a ofis ita ce Juma'a, 8 ga Mayu. Hutun zai fara Litinin, 11 ga Mayu, ya ƙare Lahadi, 16 ga Agusta.

Ina kuma neman a ba ni ragowar hutuna na shekara, kwana goma na aiki, daga 17 zuwa 28 ga Agusta. Idan an amince, zan koma aiki ranar Litinin, 31 ga Agusta, 2026. Idan ba a amince da wannan ƙarin ba, zan koma ranar Litinin, 17 ga Agusta, 2026.

Waɗannan ranaku an lissafa su ne bisa ƙiyasin likita. Idan haihuwa ta zo kafin 11 ga Mayu, ko ta yi jinkiri, ko likita ya ba da umarnin da zai shafi ranar komawata, zan sanar a rubuce da wuri tare da shaida.

Kafin tafiyata zan kammala rahoton kuɗi na watan Afrilu, in kuma miƙa bayanin sauran ayyukan da ke hannuna ga wanda aka zaɓa ya riƙe su, zuwa ranar 24 ga Afrilu. Idan wani abu na gaggawa ya taso lokacin hutun, ana iya samuna ta imel.

Ina roƙon a tabbatar mini a rubuce da ranakun da aka amince da su, da yadda za a biya albashina a tsawon hutun.

Na gode.

Taka mai biyayya,
[Sa hannu da suna]

Idan shugabar mace ce, sai gaisuwar ta koma "Ranki ya daɗe", "kai" ya koma "ke", rufewar ta zama "Taki mai biyayya". Idan da wani harshe ake aiki a ofishinku, tsarin bai canza ba, ki bi shi sakin layi bayan sakin layi.

Akwai dalili a bayan kusan kowace jimla. Ranakun suna cikin kan magana domin mai karɓar takardu ya gan su ko bai karanta sauran ba. Kowace rana an rubuta ta da sunanta, da watan a cikin haruffa. Rubutu irin 11/5 yana rikita mutane, domin a wasu ƙasashe wata ake fara rubutawa, sai a karanta shi 5 ga Nuwamba. Sunan ranar kuma yana kama kuskure: idan kika rubuta Litinin alhali kwanan watan Talata ne, wani zai lura ya tambaya tun da wuri.

Sakin layin da ya ce ranakun ƙiyasi ne, a ganina shi ne mafi tsada a takardar. Shi ke ba ki ƙofar gyara ba tare da an ce kin saɓa alkawari ba. Amma ki lura bai maye gurbin ranar komawa ba. Takardar da ta ce "zan dawo idan na warware" ko "bayan wata uku ko huɗu" ba ta ba ofis abin da zai yi shiri a kai ba, kuma tana sa a fara tunanin ko za ki dawo ma. Ki faɗi rana tsayayya, sannan ki faɗi abin da zai iya motsa ta.

Ranar miƙa aiki an sa ta mako biyu kafin tafiya da gangan. Wanda zai riƙe aikin yana samun lokacin yin tambaya kina nan, kuma idan naƙuda ta zo da wuri ba a bar komai a rataye ba. Game da hanyar tuntuɓa, ki ba da guda ɗaya, ki ce ta gaggawa ce. Kada ki rubuta cewa za ki riƙa duba aiki daga gida. Alkawari ne mai sauƙin yi da cikin wata shida, mai wuyar cikawa da jaririn mako biyu, kuma da zarar ya shiga takarda za a riƙe ki da shi.

Abubuwan da ba su da wuri a ciki: ba da haƙuri kan cewa kin sami ciki, labarin laulayi, ƙorafi kan yadda aka yi wa wata a baya, da roƙo irin na mai neman alfarma. Ladabi ya wadatar. Haka nan idan kina tunanin neman rage awoyi ko sauya lokacin aiki bayan kin dawo, ki bar shi ga takarda ta daban. Idan kika cusa shi a nan, ana iya riƙe amincewa da hutun gaba ɗaya ana jiran a yanke hukunci kan wancan.

Mataki na shida: miƙawa da riƙe shaida

Ki buga kwafi biyu. Ki miƙa ɗaya, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan, ki tafi da shi gida. Idan ta imel ake yi ko ta shafin ma'aikata, ki ajiye kwafi a wurin da ba na ofis ba, domin wasu wuraren kan rufe akwatin ma'aikaci lokacin dogon hutu. Shaidar likita ma ki ɗauki hotonta kafin ki ba da ta asali.

Idan mako biyu ya wuce shiru, ki tuntuɓa a rubuce, ki ambaci ranar da kika miƙa. Amsa ta zo kuwa, ki ɗora ta kusa da takardarki ki gwada rana da rana. Kurakuran da aka fi samu su ne a fara ƙirga daga ranar ƙarshe a ofis, ko a mayar da makonni watanni, ko a manta da hutun shekarar da aka nema. Alamar da za ki gane ita ce ranar komawar da suka rubuta ta bambanta da taki, ko ta faɗa a ranar da ba a aiki. Ki nemi a gyara a sake bugawa tun kina zuwa ofis, domin abin da ke takardarsu shi mai biyan albashi zai bi.

Idan ranakun suka motsa

A ce jaririn ma'aikaciyarmu ya zo bakwaini, ranar 4 ga Mayu, mako guda kafin hutun ya fara. A tsari da yawa hutun yana farawa ne daga haihuwar, don haka ranar komawa ma za ta matso da kimanin mako guda, ta koma wajen 10 ga Agusta a maimakon 17. Ba a bar wannan ga zato. Ita ko wani nata zai aika gajeren saƙo cikin 'yan kwanaki: na haihu ranar kaza, ga shaidar asibiti, ina roƙon a tabbatar mini da sabuwar ranar komawa.

Idan kuma tiyata aka yi, wadda warkewarta kan ɗauki kimanin mako shida ko fiye, ko wata matsala ta biyo bayan haihuwar har likita ya ce a ƙara hutu, ki rubuta kafin tsohuwar ranar ta iso. Ki ambaci takardar amincewa ta farko da kwanan watanta, ki faɗi sabuwar ranar da kike nema, ki haɗa takardar likita, ki kuma tambaya a wane babi za a sa ƙarin: hutun rashin lafiya, na shekara, ko wanda ba a biya. Mai son komawa kafin lokaci ita ma sai ta sanar, kuma wasu wuraren suna da wa'adi mai tsawo a kan haka, a Birtaniya mako takwas ne.

Ko da babu abin da ya canza, mako biyu kafin komawa ki aika layi biyu zuwa ga shugabanki cewa ranar tana nan yadda aka amince. A cikin saƙon ne za ki tambayi tsarin lokacin shayarwa, wanda dokokin ƙasashe da yawa suka tanada a cikin awoyin aiki, ki kuma nemi wanda ya riƙe miki aiki ya shirya bayanin inda ya tsaya.